Ɗan Tsakon Malama Tomie

Katin farko ya fi 'yan'uwansa shan wuya. Gefensa ya lanƙwashe, an yi masa faci da gam har ba a san iyaka ba, kuma ɗan tsakon da aka zana a jikinsa ya koɗe daga ruwan ɗorawa ya koma kalar madara. A saman tsakon akwai harafi guda, mai kama da buhu mai kunnuwa biyu. Malama Tomie Kuramochi ta ɗaga katin sama da kanta, yaran ajin manya suka gyara zama a kan tabarma, ta ja baitin farko kamar yadda ta saba ja shekara talatin da wani abu.

"Shitotsu, shiyoko ga, me o aketa."

Yaran suka amsa da murya ɗaya, babu ragi babu ƙari: "Shitotsu, shiyoko ga, me o aketa." Ɗaya, ɗan tsako ya buɗe ido. Suka tafa sau ɗaya.

Yarinya guda ce ba ta tafa ba. Hinako, wadda aka kawo daga Osaka a lokacin kaka, ta ƙura wa katin ido tana tsuke baki.

"Nako, ina hannuwanki?" in ji Malama Tomie.

"Malama, wannan harafin nawa ne ko ba nawa ba ne?" yarinyar ta tambaya. "Mama ta ce da shi sunana ya fara. Amma ke 'shi' kike karanta shi. Ni ba Shinako ba ce."

Ajin ya kwashe da dariya, wani ɗan ƙiriniya ya fara rera "Shinako, Shinako." Malama Tomie ta tsawata masa, ta ɗaga kati na biyu da sauri. Kunnuwanta sun yi zafi, kuma sun daɗe ba su huce ba.

Abin da ke akwai shi ne, mu 'yan tsofaffin unguwannin gabashin Tokyo, na bakin kogi, muna da wata matsala da harshenmu. Ba mu iya cewa hi ba. Duk inda ya zo, 'shi' muke fitarwa a madadinsa, kuma kunnenmu ba ya jin bambanci. Masu irin wannan bakin sun kusa ƙarewa, talabijin ta gyara na 'yan baya, amma Tomie a hannun kakarta ta tashi, a bayan shagon gasa wainar shinkafa, kuma mijin da ta aura ya fi ta lalacewar harshe. Ta san da abin, ba ta jahilce shi ba. Dabara kawai ta koya. Kalmar da ta fara da wannan harafin sai ta kewaye ta, ta nemo 'yar'uwarta. Yaron da sunansa ya fara da shi kuwa sai ta yanke masa kai, ta raɗa masa na shagwaɓa: Hiroto ya zama Roto, Hinako ta zama Nako. Iyaye suna ɗauka tsabar ƙauna ce, ita kuma ba ta taɓa ƙaryata su ba.

Waƙar ce kaɗai ba ta kewayuwa, ga shi kuma ita ta tsara ta da hannunta tun tana sabuwar malama. Waƙar ƙirga ce irin ta da, wadda kowane baiti ke farawa da lamba, sannan gaɓar farko ta lambar ta jawo kalma mai farawa da gaɓa iri ɗaya. Tunda a rubutunmu kowane harafi gaɓa ce sukutum, yaro yana ƙirga yana kuma tsintar haruffa bai sani ba. Futatsu, biyu, ya jawo fune, jirgin ruwa. Mittsu, uku, ya jawo mikan, lemon zaƙi. Haka ake tafiya, kare a biyar, tukunya a bakwai, dutse a takwas. Kowane layi bugu bakwai ne sannan biyar, don numfashin yaro ya kai ƙarshe bai tsinke ba. Malama ta ja, yara su maimaita, sannan a yi amshi da ɗaya ƙirgar tamu, ta ichi, ni, san, ana tafi har a kai lambar baitin. A baiti na goma, lambar da muke kira too, sai tori, tsuntsu, ya tashi sama ya tafi. Abin da ya sa ake rufe bikin yaye yara da ita ke nan: tsakon da ya buɗe ido a farko shi ne tsuntsun ƙarshe.

To, ɗaya sunansa hitotsu, ɗan tsako kuma hiyoko. Ko ta kori tsakon, ba ta da yadda za ta yi da ɗaya.

Bayan kwana biyu shugaban makarantar, Malam Okonogi, ya kira ta ofis. Matashi ne mai ladabi har ya yi yawa, irin wanda zai ba ka haƙuri kafin ya taka ka. A gefensa wata mata ce zaune da jakar aiki a cinya, ta ɗaure fuska. Ita ce Ayano Nakatsuji, mahaifiyar Hinako.

"Ban zo da faɗa ba, Malama," in ji matar, da muryar da ke nuna da faɗan ta zo. "Yarinyata za ta shiga firamare a watan Afrilu. Jiya na ce ta rubuta sunanta, ta tsaya tana tambayata ko buhun za ta zana ko ƙugiyar. Da can ta iya. A nan aka rikita ta."

Ƙugiyar ita ce harafin 'shi'. Tomie ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tebur. "Laifina ne. Ki yi haƙuri."

Malam Okonogi ya yi gyaran murya. Ya ce ba wanda ya kai shi ganin darajar Malama Tomie, shi kansa a ƙarƙashinta ya koyi aiki. Sai dai kuma, a ganinsa, idan babu damuwa, a bikin watan Maris wata matashiyar malama za ta ja waƙar, ita kuma ta zauna a fiyano. "Kin ga ma kin huta," ya ƙara, yana kallon ƙasa.

Bikin watan Maris shi ne nata na ƙarshe, daga shi sai ritaya. Ta so ta ce ba ta gaji ba. Ta so ta ce fiyano ba ya kallon idon yara. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na ji, Shugaba."

Ayano ta miƙe tana duba agogo, kamar wadda ta samu fiye da abin da ta zo nema kuma bai yi mata daɗi ba. A bakin ƙofa Hinako tana zaune tana saka takalmi.

"Gobe zan makara," uwar ta ce wa shugaban. "A bar ta cikin 'yan jira, sai ƙarfe hichi zan zo."

Hinako ta ɗago. "Mama, shichi ake cewa. Bakwai shichi ne. Malama ta koya mana a waƙa."

Mutanen Osaka, ka sani, nasu ciwon kishiyar namu ne a wannan kalmar: bakwai ɗinsu da hi yake farawa. Fuskar Ayano ta yi ja. Sai kuma kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki da hannu, dariya ta ƙwace mata irin ta mutanen garinsu, mai fitowa daga ciki.

"Shekara nawa ina amsa waya a kamfani," ta ce tana share ido, "an horar da ni an kankare mini harshen gida, ashe yana nan laɓe. Malama, ke kin ɓata mata harafi ɗaya kin gyara mata lamba ɗaya. Mun yi canjaras."

Tomie ba ta yi dariya ba, don ba ta da ƙarfinta. Wataƙila shi ya sa matar ta tsaya ta dube ta da kyau.

"Kina son jan waƙar nan, ko?"

"Ina so," in ji Tomie. Ba ta taɓa faɗin abin da take so a ofishin nan kai tsaye haka ba.

"To ni an koya mini yadda ake gyara baki, kuma da kuka na koya. Shugaba, idan ranar gwaji ta faɗe shi daidai fa?"

Malam Okonogi ya ce ai shi ba abin da ya fi so kamar haka, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa.

Da ta ba mijinta labari, Genzo yana juya waina a kan garwashi, bai ko ɗago ba.

"Me ya samu shitotsu ɗin? Haka ubana ya faɗa, haka kakana."

"Ba haka ake rubuta shi ba."

"To su gyara rubutun mana. Tsofai-tsofai da ke, 'yar Osaka za ta koya miki magana? Mutanen da ko tsayuwa a kan matakalar lantarki ta tashar jirgin ƙasa a baibai suke yi?"

"Kai dai gasa wainarka."

"Ina gasawa. Miƙo mini ma'ajin shi ɗin can." Wuta yake nufi, wadda sauran ƙasar ke kira hi.

Haka aka fara. Kullum da yamma, idan Ayano ta zo ɗaukar 'yarta, sai su tsaya a zauren cire takalma, sanyin watan Janairu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Tomie ta zaci da baki za a fara, ashe da kunne ne. Ayano ta ba ta kati biyu, buhu da ƙugiya, ta juya mata baya tana furta gaɓa, ita kuma ta ɗaga wanda ta ji. Makon farko caca kawai take yi. Sauti biyun a wurinta ɗaya ne, kamar a nuna maka farar shinkafa biyu a ce ka zaɓi wadda ta fi fari.

"Kar ki saurari ƙarshensa," in ji Ayano. "Farkon za ki kama. Ɗaya yana da kaifi, a bakin haƙori yake fita. Ɗayan daga can ciki yake, iska ce kawai mai ɗumi."

Ranar da kunnen ya buɗe, Tomie ta ji tsoro. Ta koma gida ta ji mijinta yana magana, ta ji duk wuraren da yake zuba 'shi' inda ba gurbinsa ba, ta gane cewa haka duniya take jin ta tun tana yarinya. Kunya ta rufe ta, ta shekara sittin a lokaci guda. Washegari ta ce wa Ayano ta haƙura, a bar wa matashiyar.

"A'a, Malama, ba ki isa ba," in ji Ayano tana cire safar hannu. "Na riga na gaya wa uwar mijina ina koyar da 'yar Tokyo magana, ta sanar da duk layinsu. Kina so ki kunyata ni? Zo nan."

Ta ja ta gaban gilashin ƙofa. "Hura masa iska, kamar za ki goge shi. Haa."

Tomie ta hura, gilashin ya yi hazo.

"Kin ga haƙoranki a buɗe suke? Kan harshenki yana ƙasa, bayan haƙoran ƙasa. To bar shi a nan, kar ya motsa. Sake hurawa, kina cikin hurawar ki ja leɓɓanki gefe kamar mai murmushi."

"Haa... shi."

"Kin rufe haƙora. Sa ɗan yatsa a tsakani."

Matar da ta yaye rabin unguwa ta tsaya da yatsa a baki kamar ɗan yaye, tana hura wa ƙofa iska. "Haa... hi."

Ayano ta dafa kafaɗarta. "Sake."

"Hi."

Daga ƙasa, inda take fama da igiyar takalmi, Hinako ta ce, "Wannan nawa ne," ta ci gaba da abin da take yi. Tomie ta juya ta fuskanci gilashin don kada a ga idonta.

Sai dai faɗin gaɓa a tsaye daban, faɗin ta a cikin waƙa daban. Da zarar fiyano ya buga, kari ya ɗauke ta, tsohon harshen sai ya riga ta fita. Idan ta fara da haa, tana samu. Idan babu, ta faɗi. Kuma baitin bugu bakwai ne cif, babu gurbin cusa wata gaɓa, in ka ƙara ɗaya duk layin ya gurgunce, yara su yi tuntuɓe a kai.

Ana saura 'yan kwanaki gwaji, tana tsaye a filin wasa da safe, ta ga yaran suna dunƙule hannuwa suna hura musu iska saboda sanyi. Ta daɗe tana kallonsu. Da aka shiga aji ta ajiye katin a cinya.

"Yau akwai sabon abu," ta ce. "Kafin ɗan tsako ya buɗe ido, a ina yake?"

"Cikin ƙwai!"

"To ƙwan nan sanyi yake ji. Kowa ya riƙe nasa a tafin hannu. Fiyano zai yi bugu huɗu, mu kuma mu hura masa ɗumi, sannan mu fara."

Ba ta taɓa baitin ba, bakwai da biyar ɗinsa suna nan. A gabansa ta gina ɗan zaure. Yaran suka dunƙule hannuwa, suka yi haa da dukkan ƙarfinsu, wani har da tofa yawu, ita kuma daga cikin wannan iskar ta zaro hitotsu lafiya lau, hiyoko ya biyo shi tun bakin bai rufe ba. Yaran suka maimaita abin da suka ji, don su ba ruwansu, abin da aka ba su shi suke mayarwa. Ranar gwaji Malam Okonogi ya saurara daga bakin ƙofa, ya rusuna mata ya koma ofis, aka bar matashiyar a fiyano.

Da yammar ranar Tomie ta kawo wa Ayano gwangwanin wainar Genzo, an naɗe shi da ƙyalle. Ta riƙe shi da hannu biyu ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Maman Hinako," ta ce, a hankali, tana lallaɓa sunan, "kin zo kawo ƙarata, kika ɓuge da ɗaukar nauyina. Ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Da wannan sabon mana," in ji Ayano. Ta karɓi gwangwanin ta jijjiga shi kusa da kunne. "Mai gidan ya san 'yar Osaka za a kai wa?"

"Ya sani. Ya ce a gaya miki ya ƙara gishiri, wai ku ba ku san ɗanɗano ba."

Ranar bikin zauren ya cika. Iyaye mata a gaba cikin tufafi masu duhu da fure a ƙirji, maza a baya a tsaye da wayoyi a sama. Labarin ritayarta ya zaga unguwa, don haka har waɗanda ba su da yaro a ajin sun zo: mai gyaran keke, 'yar mai wankin kaya, direban motar kashe gobara da ta taɓa canza wa wando. Genzo ya rufe shago, ya sa rigar da ta matse shi, ya tsaya can ƙurya.

Aka fara kiran suna, yaro ya amsa ya zo ya karɓi takardarsa. Da ta iso kan yarinyar, Tomie ta ɗan saki numfashi wanda ba wanda ya lura da shi sai Ayano a layi na biyu.

"Nakatsuji Hinako."

"Na'am!" Yarinyar ta taso tana taku kamar soja.

Sannan aka zo waƙa. Tomie ta tsaya a gaban yaran da katunanta goma. Fiyano ya yi bugu huɗu, ƙananan hannuwa suka dunƙule, zauren ya cika da haa. Ta ɗaga tsohon katin.

"Hitotsu, hiyoko ga, me o aketa."

Ya fita tsaf, kamar a bakinta aka haife shi. Yaran suka buɗe baki za su amsa, sai wata murya mai kauri ta taso daga bayan zauren ta haɗu da tasu. Manya ne, maza da mata, waɗanda suka zauna a kan tabarmar nan shekaru ashirin da talatin da suka wuce. Ba wanda ya shirya su. Katin kawai suka gani, bakinsu ya tuna.

"Shitotsu, shiyoko ga, me o aketa."

Yara a gaba suna hi, iyayensu a baya suna shi, kowa da iyakar gaskiyarsa, muryar Genzo ta fi ta kowa tsatsa. Malam Okonogi ya runtse ido. Ayano ta cusa fuska cikin hankici, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Hinako ta waiga baya a fusace, ta dubi ƙattin nan da ba su iya karatu ba.

Tomie ta tsaya da katin a sama. Wata biyu ta yi tana korar wannan sautin daga bakinta, ga shi ya dawo mata daga bakin mutum hamsin, kuma ba ta taɓa jin abin da ya yi mata daɗi kamarsa ba. Mai fiyano ta maimaita bugun shiga, ta sake maimaitawa, tana jiran ta.

Ta tafa sau ɗaya, zauren duka ya tafa tare da ita. Ta ɗaga kati na biyu.

Jirgin ruwa ya wuce, lemo ya wuce, kare ya yi haushinsa. A baiti na bakwai, da amshi ya hau ichi, ni, san har ya kai ƙarshe, ta ji wata murya guda a layi na biyu ta ce hichi da ƙarfi, ba ko kunya. Ba ta gyara wa kowa ba. Ta ci gaba da ja suna amsawa, har ta kai kan katin tsuntsu.